Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya: dala 3,000 kan kowane littafi, amma na wa?

Yallaɓai Darakta-Janar,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka. Ni marubuciya ce daga Kano. Na fara tun zamanin da ake raba labari kashi uku, a buga na ɗaya, a jira kuɗinsa su dawo daga kasuwa kafin a kai na biyu wurin ɗab'i. Yanzu kuma a waya nake sayarwa kamar sauran 'yan'uwana: a saki shafukan farko kyauta, mai son ci gaba ta tura kuɗi ta turo shaidar biya, a saka ta a zauren masu biya. Littattafaina goma sha ɗaya ne. Na faɗi adadin ne saboda da shi aka yi mini lissafin da ya sa na zauna rubuta wannan wasiƙa.

A watan Satumba na 2025 wata ƙawata ta turo labari zaurenmu na WhatsApp, wai wani kamfanin ƙirƙirarriyar basira a Amurka ya amince zai biya marubuta dala biliyan ɗaya da rabi, kowane littafi wajen dala 3,000. A canjin lokacin, kusan naira 1,500 kan dala guda, ana maganar naira miliyan huɗu da rabi ke nan. Kafin minti goma zaure ya kaure. Wata ta buga lissafi ta ce, “Anti, ke da sha ɗaya, ai sai ki fara neman fili.” Muka yi dariya. Da dare ya yi yara suka kwanta, na nemi sharuɗɗan na karanta a tsanake, na kuma shiga shafin da aka buɗe don duba sunayen littattafai, na rubuta sunana. Babu. Ban yi mamaki ba, domin kafin in kai ga rubuta sunan na riga na gane cewa ko da a ce duk sha ɗayan suna cikin abin da aka kwasa, ko sisi ba za ta zo hannuna ba. Dalilin hakan nake so mu duba tare, domin rabinsa yana Amurka, rabinsa yana kan teburinka.

Ga yadda shari'ar ta kasance. A watan Agusta na 2024 marubuta uku, Andrea Bartz da Charles Graeber da Kirk Wallace Johnson, suka kai ƙarar kamfanin Anthropic, mai manhajar Claude, gaban kotun tarayya da ke San Francisco. Da aka shiga binciken takardun kamfanin, sai ta bayyana cewa ta hanya biyu ya tara littattafai. Ta farko ita ce saukewa daga rumbunan satar fasaha na intanet: a farkon 2021 tarin da ake kira Books3 mai littafi 196,640, a watan Yuni na 2021 aƙalla miliyan biyar daga LibGen, a watan Yuli na 2022 kuma aƙalla miliyan biyu daga PiLiMi. Jimilla sama da miliyan bakwai, ba a biya kowa ba. Hanya ta biyu, daga 2024, ita ce saye. Kamfanin ya kashe miliyoyin daloli yana sayen littattafan takarda, da yawansu na hannu, a datse ɗaurin baya, a ɗauki hoton kowane shafi a mayar da shi rubutun kwamfuta, a zubar da takardar.

A ranar 23 ga Yuni, 2025, alƙali William Alsup ya yanke hukunci, ya kuma raba maganar. Ya ce horar da manhaja da littafi, wato ta karanta ta koyi yadda kalmomi suke bin juna, ya shiga cikin abin da dokar Amurka ta yi wa rangwame a ƙarƙashin ƙa'idar amfani bisa adalci, saboda abin da ake samarwa sabon abu ne daban da littafin. Har ya kwatanta kukan marubutan da na mai ƙorafin cewa koya wa 'yan makaranta rubutu zai jawo masa abokan gasa. Ya ce wanda ya sayi littafi da kuɗinsa ya mayar da shi na kwamfuta, ya lalata na takardar, bai raba wa kowa ba, shi ma bai yi laifi ba. Amma ajiye miliyoyin littattafan sata a matsayin ɗakin karatu na dindindin, wannan ya ce babu rangwame a kansa, kuma komawa daga baya a sayi littafin da aka riga aka sata ba ya wanke satar, sai dai ya rage nauyin diyya.

To ka ga, Yallaɓai, abin da yawancinmu muka ɗauka ba shi ba ne. Ba a biya marubutan nan don an horar da na'ura da rubutunsu ba. A kan wannan gaɓar sun faɗi. An amince a biya su ne saboda ta ƙofar da aka shigo da kayan. Da tun farko kamfanin ya sayi kowane littafi kwafi ɗaya a kanti, bisa wannan hukunci marubuci ba shi da abin da zai samu sai 'yar ladar kwafin nan guda.

Me ya sa kamfanin ya zaɓi sulhu? Lissafi ne. A watan Yuli na 2025 alƙalin ya amince ƙarar ta zama ta gayya, wato mutum uku su tsaya a madadin duk masu irin wannan haƙƙi. Dokar Amurka kuwa tana da diyya ƙayyadadda wadda mai ƙara ba sai ya nuna asarar da ya yi ba: daga dala 750 zuwa 30,000 kan kowane aiki, idan kuma an tabbatar da gangan aka yi, tana iya kaiwa 150,000. Jerin littattafan da suka cancanta ya tsaya a kan 482,460. Idan ka ninka wannan da 150,000 za ka wuce dala biliyan 70. Ko kaso kaɗan na wannan ya isa ya durƙusar da kamfani, an kuma sa ranar fara shari'ar diyyar a watan Disamba. Sai aka daidaita a kan biliyan ɗaya da rabi, da sharaɗin za a goge fayilolin da aka sauke. Dala 3,000 ɗin nan ninki huɗu ne na mafi ƙarancin abin da doka ta yanke, kuma kafin ta kai hannu za a cire ladan lauyoyi, sannan a raba tsakanin marubuci da mawallafi, galibi rabi da rabi idan yarjejeniyarsu ba ta faɗi wani abu daban ba.

Yanzu ka sa adadi biyun nan gefe da gefe: sama da miliyan bakwai aka sauke, ƙasa da rabin miliyan za a biya. Wasu maimaici ne, littafi ɗaya ya fito sau biyu ko uku, wannan gaskiya ne. Amma akwai kuma matata da aka sa. Kafin littafi ya shiga jerin, sai yana da lambar shaidar littafi ta ISBN ko lambar ASIN ta Amazon. Sai kuma an yi masa rajista a ofishin haƙƙin mallaka na Amurka cikin shekara biyar da fitowarsa, rajistar kuma ta kasance an yi ta kafin kamfanin ya sauke shi, ko cikin wata uku da wallafa shi. Wanda bai cika waɗannan ba yana waje, ko da littafinsa yana cikin kwamfutar kamfanin shafi bisa shafi.

A nan na daɗe ina juya maganar, domin an sha gaya mana a taruka cewa haƙƙin mallaka ba ya buƙatar rajista, da ka rubuta ya zama naka. Haka ne. Dokarmu ta 2022 ta faɗi haka, yarjejeniyar Berne ta ƙasa da ƙasa kan haƙƙin mallaka da Najeriya ta shiga a 1993 ita ma haka ta ce, har ma baƙo yana iya kai ƙara a Amurka kan aikin da ya fara wallafawa a ƙasarsa ba tare da ya yi rajista a can ba. Abin da ba a ƙarasa gaya mana shi ne, waccan diyya ƙayyadadda, da damar a sa wanda ya faɗi ya biya kuɗin lauyanka, ba a ba wa wanda bai yi rajista a kan lokaci ba, ɗan ƙasa ne ko baƙo. Sai dai ya kawo hujjar asarar da ya yi a zahiri. Ni da nake sayar da labari naira 500 ko 1,000 a waya, wace asara zan ɗauka in kai San Francisco? Wane lauya ne zai karɓi ƙarar da kuɗin buga takardunta ya fi abin da ake nema? Haƙƙin nawa ne, babu mai musu, amma ya zama kamar gonar gado a garin da ba ka da kuɗin motar zuwa.

Bari in buɗe maka kwalin da ke ƙarƙashin gadona. Cikin sha ɗayan, bakwai na takarda ne. Biyu ne kaɗai ke da ISBN, su ma daga baya na gano mai ɗab'in lamba ɗaya ya manna wa duka biyun, wataƙila har da littattafan wasu. Uku na sayar wa ɗan kasuwa dungurungum, muka yi ciniki da baki a shagonsa, ya ƙirgo kuɗi ya ba ni, ya riƙe faranti yana bugawa duk lokacin da ya ga dama. Na san doka ta ce sallama haƙƙin mallaka ba ta tabbata sai a rubuce, amma je ka gaya wa magadansa haka. Huɗun ƙarshe ba su taɓa ganin takarda ba. Shaidar ranar da na wallafa su tana cikin wata waya da ta faɗa bokitin wanki. Babu ko ɗaya da ke da rajista a wurinku, balle a Amurka, inda a 2025 kuɗin rajistar aiki guda ta intanet yake dala 45 ko 65. Idan ka zagaya marubutan Hausa, abin da za ka tarar ke nan gida-gida. Mawaƙanmu ma haka: yaro ya shiga situdiyo, mai kiɗa ya ɗora, furodusa ya biya, waƙa ta fita, babu takardar da ta ce wane ne mai baiti, wane ne mai sauti.

Sannan hanyar da rubutunmu zai bi ya isa bakin waɗannan na'urori ma daban ce. Labarina na takwas, kwana huɗu da na sake shi ga masu biya, wata ta kwafe shi ta haɗa fayil guda ta watsa. Bayan mako biyu na same shi cikakke a wani shafin intanet da ke tara littattafan Hausa, an cire gargaɗin da na sa a farko, an jera tallace-tallace a gefe. Na rubuta wa mai shafin sau uku, ko kallo ban ishe shi ba. Irin waɗannan shafuka a buɗe suke, kuma akwai manhajojin da aikinsu ke nan dare da rana, su bi intanet shafi-shafi suna kwasar rubutu. Common Crawl, wata ƙungiya da ba ta neman riba, ta shafe shekaru tana wannan tarawa tana ajiyewa kyauta ga mai so, masu horar da na'urori da yawa kuma daga nan suke ɗiba. Hukuncin Alsup a kan rumbunan littattafai ya yi magana. Bai taɓo labarin da ɓarawo ya baje a shafinsa, mai yawon kwasa ya zo ya tsinta ba.

Wani ɗan'uwana mai harkar kwamfuta ya ce ai akwai magani, ana rubuta 'yan layuka a fayil mai suna robots.txt a hana su shiga:

```
User-agent: GPTBot
Disallow: /

User-agent: CCBot
Disallow: /
```

Na ce masa to, a shafin wa zan rubuta? Ni ba ni da shafi. Wanda ya sace ni ne yake da shi, shi kuwa baƙi yake nema. Shi ya sa nake roƙo, idan maganar gyaran doka ta taso, kada a kwaso mana tsarin Tarayyar Turai na 2019 yadda yake, wanda ya halatta tatsar bayanai daga rubutu sai dai idan mai haƙƙi ya sa alamar hani da na'ura za ta iya karantawa. Wannan tsari an ɗinka shi ne daidai jikin jaridu da manyan kamfanonin ɗab'i masu shafukansu da injiniyoyinsu. A wurinmu ma'anarsa ita ce an halatta komai.

Kwana biyu kacal bayan hukuncin Alsup, wani alƙalin a kotu ɗaya, Vince Chhabria, ya yanke nasa a ƙarar da marubuta goma sha uku suka kai kamfanin Meta. Meta ce ta yi nasara, amma alƙalin ya fito fili ya ce ba don abin da ta yi halal ne ba, sai don masu ƙarar sun bi hanyar da ba ta ɓullewa. Ya ƙi yarda da kwatancen 'yan makaranta. A ganinsa, ɗan makaranta ba ya zubo littafi dubu a yini guda, na'ura kuwa tana iyawa, kuma ambaliyar irin wannan kaya tana iya kashe kasuwar ainihin marubutan da aka koya daga gare su ko da ba a kwafi jimla ɗaya tasu ba. Ya ce mashahurin marubuci zai iya tsira saboda sunansa ake saye, amma mai rubuta labarin soyayya ko na leƙen asiri na yau da kullum, shi ne ruwan zai fara ci.

Da na karanta wurin nan sai na ji kamar ya taɓa shiga zaurenmu. Mu fa kasuwarmu kacokan a kan labarin soyayya da zaman aure take tsaye. Mai karatunmu tana son kishiya da uwar miji da ɗan mai kuɗi da 'yar talaka, tana son shafi biyu kullum bayan isha'i. Yau Hausar na'ura tana da ɗanɗanon fassara, mai karatu tana ganewa tun layi na uku: gaisuwa ba ta zauna ba, suruka tana magana kamar mai karanta labarai, ba a san inda ake sa “wallahi” da inda ake sa “ai kuwa” ba. Abin da zai gyara mata baki shi ne rubutunmu. Ranar da ta ƙoshi da shi, mai shafin nan da ya sace ni ba ya ma buƙatar sata, zai danna ya fitar da labari goma kafin in gama babi guda. A tsakanin alƙalan biyu ni ina bayan Chhabria, ba don ya fi tausayinmu ba, sai don ya fi sanin yadda kasuwar ƙananan marubuta take.

Kada a fahimce ni a karkace. Ina so na'urorin nan su iya Hausa. Mahaifiyata ba ta jin Turanci, ina so ranar da za ta tambayi waya yadda ake shan magani ta ji amsa da harshen da take mafarki da shi. Harshen da na'ura ba ta iya ba zai zama na zaman tsakar gida kawai. Ba hani nake nema ba. Ciniki nake nema, kuma a wannan cinikin muna da abin da ba mu saba samu ba, wato kaya mai wuya. Turanci ya cika intanet har ya yi ambaliya. Hausa mai kyau, ta hira da faɗa da zolaya da zaman makoki, kaɗan ce ƙwarai, mafi yawanta kuma tana cikin littattafanmu da waƙoƙinmu da finafinanmu.

Na san iyakar ikonka, Yallaɓai, shari'ar London ta nuna ta. Kamfanin hotuna na Getty ya kai ƙarar Stability AI, mai manhajar ƙirƙirar hotuna, a Birtaniya, amma ana tsakiyar shari'a ya janye babbar tuhumarsa ta horarwa, saboda ya kasa nuna cewa a cikin Birtaniya aka yi aikin. A watan Nuwamba na 2025 kotu ta ƙara da cewa ita manhajar da aka horar ba kwafin hotunan ba ce. Idan Getty da tarin lauyoyinsa ya tsaya a bakin iyaka, dokar Najeriya ba za ta kamo kwamfutar da ke California ba. Sai dai a cikin wannan watan na Nuwamba dai, wata kotu a Munich ta Jamus ta ba ƙungiyar mawaƙa ta GEMA gaskiya a kan OpenAI, mai manhajar ChatGPT, kan baitocin waƙoƙin Jamusanci tara da manhajar ta haddace tana maimaitawa idan an tambaye ta. Abin lura a nan ba yawan waƙoƙin ba ne. Ba mawaƙi ɗaya ne ya je kotu ba, ƙungiyar karɓar haƙƙi ce da ke riƙe da rajistar mambobinta, ta san wa ya rubuta me, a wace shekara, ta kuma fara tayin lasisi kafin ta kai ƙara.

Wannan shi ne rabin da na ce yana kan teburinka. Doka ta ba hukumarka ajiye rajistar ayyuka, kuma kuna da hanyar yi ta intanet. Ina roƙo a kawo ta inda muke: fom da Hausa, wanda za a cike a waya, da farashin da marubuciya za ta iya shigar da littafi goma a zama ɗaya ba tare da ta sayar da ɗan kunnenta ba. A karɓi labarin da bai taɓa shiga ɗab'i ba, tunda yanzu shi ne mafi yawa. A zauna da Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa, mai ba da ISBN, a toshe wannan ɗabi'a ta manna lamba ɗaya a kan littattafai barkatai. A kuma gaya wa mutane gaskiya ƙarara cewa rajistar Najeriya hujja ce a kotun Najeriya, ba ta maye gurbin ta Amurka, domin mai littafin da ya karɓu ya san cewa yana da wata uku daga ranar fitowa idan yana son cikakkiyar kariya a can. Ba kowa ne zai iya dala 45 ba, amma wanda zai iya bai kamata ya ji labarin bayan an rufe ƙofa ba.

Idan rajista ta samu, sai a sami bakin da zai yi magana da yawunmu. Ku kuke ba ƙungiyoyin karɓar haƙƙi izinin aiki: akwai REPRONIG ta ɓangaren rubutu, MCSN ta waƙa, AVRS ta fim. Kamfani ba zai bi mata dubu ɗai-ɗai a WhatsApp yana neman izini ba, ko yana da niyya. Amma idan akwai wuri guda da zai je a ce masa ga littafin Hausa dubu kaza, masu su sun yarda, ga farashi, ga shekarun lasisi, ga sharaɗin cewa manhaja ba za ta riƙa zubo shafukanmu ko ta yi rubutu da sunan wata a cikinmu ba, to sayen ya fi masa sauƙi da kwanciyar hankali, musamman bayan ya ga abin da ɗaukar banza ya jawo wa wani. Sharaɗina ɗaya ne: shiga ta zama da yardar mai aiki, rabon kuɗi kuma a bango, kowa ya gani. Mun ga shekarun da rigimar ƙungiyoyin karɓar kuɗin waƙa ta cinye a kotunan ƙasar nan, mawaƙa suna jira. Kada a maimaita mana.

Akwai kuma sashe na 20 na dokar 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023. Sashen ya lissafa abubuwan da aka yi wa rangwame, kamar amfanin kai da binciken da ba na kasuwanci ba da sharhi da ba da labari, amma ya bar jerin a buɗe, sannan ya kawo ma'aunai huɗu masu kama da na Amurka: manufar amfanin, irin aikin, yawan abin da aka ɗiba, da tasirinsa a kan kasuwar aikin. Da waɗannan ma'aunai huɗun Alsup da Chhabria suka auna abu iri ɗaya, suka saɓa a kan na huɗu. Duk ranar da irin wannan ƙara ta zo Babbar Kotun Tarayya, lauyan kamfani Alsup zai ɗauko. Fassarar doka aikin kotu ne, na sani, amma hukuma tana da bakin fitar da matsaya a rubuce. Ina so in ji kun ce ɗalibar jami'a mai gina ƙaramar manhaja don bincikenta daban, kamfanin da zai sayar daban. Ina so in ji kun ce kayan da aka samo daga shafin ɓarawo ba ya shiga rangwame ko wane ne ya ɗauka. Wannan na biyun ko Alsup bai yi nisa da shi ba.

Kuma wannan ba maganar ƙasar waje kaɗai ba ce. A watan Satumba na 2025, watan da aka yi wancan sulhu, gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da N-ATLAS, manhajar harshe da ta haɗa da Hausa da Yarabanci da Ibo. Jami'o'i da ƙananan kamfanoni a nan gida su ma suna tara rubutu da murya. A nan dokarku tana da haƙora. Ba zargin kowa nake yi ba. Cewa nake duk aikin da aka yi a cikin ƙasar nan, balle wanda kuɗin gwamnati ya shiga, ya dace ya wallafa jerin wuraren da ya samo kayansa. Marubutan Amurka ba su san adadin abin da aka sauke ba sai da kotu ta tilasta buɗe takardu. Turai ta riga ta wajabta wa masu manyan manhajoji fitar da taƙaitaccen bayanin abin da suka yi horo da shi tun watan Agusta na 2025. Mu da ba mu da kuɗin shari'ar da za ta kai ga buɗe takardu, wannan bayani shi ne kaɗai fitilarmu. Tambayar manhaja ko ta san littafinka ba hujja ba ce: takan ƙirƙiro labari ta jingina maka, takan kuma ce ba ta san abin da ta karanta ba. Abin da kotu ta karɓa a Munich shi ne baitin da ya fito kusan kalma da kalma.

Af, kafin in manta. Doka ta damƙa wa hukumarka ikon ba da izini a kan kayan gargajiya, tatsuniya da kacici-kacici da waƙoƙin gaɗa da na daɓe, idan za a yi kasuwanci da su. Waɗannan ba su da marubucin da zai yi kuka. Idan aka naɗi muryoyin tsofaffinmu aka zuba wa na'ura, ku ne waliyyansu.

Ni dai na fara nawa. Na sayi littafin rubutu mai layi, kowane labari na ba shi shafi: suna, shekarar da ya fita, wanda ya buga, wanda muka yi ciniki da shi da abin da aka ce da baki, da sunayen waɗanda suke wurin. Mu goma sha huɗu ne a zaurenmu muka yi haka zuwa yanzu, wata har ta je ta samo sa hannun ɗan marigayin da ya sayi littattafanta. Idan kuka sa rana a Kano, za mu zo da su. A sa ta da safe don Allah, kafin a taso yara daga makaranta.

Wassalam.

Taku,
wata marubuciya daga Kano